Wai da gaske kalmomi shida na banza sun fi `K@no1987!` ƙarfi?

Maman_Husna: Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina da tambaya ga masana kwamfuta na gidan nan. Ɗan yayata ya zo hutu daga makaranta, ya ga ina shiga imel ɗin da nake karɓar odar kaya da shi, sai ya ce kalmar sirrina ba ta da ƙarfi. Ni kuwa na bi duk abin da ake cewa a yi: akwai babban baƙi, akwai ƙanana, akwai lamba, akwai alama har biyu. Salonta kamar `K@no1987!` ne, ba ita ba ce dai amma kusan haka. Ya ce in bar ta, in ɗauki kalmomi biyar ko shida waɗanda ba su da alaƙa da juna, kamar tukunya da raƙumi da alli, in jera su. Abin ya ƙi shiga kaina. Ta yaya kalmomin da ɗan firamare ya sani za su fi wadda ni kaina sai na nutsu kafin in rubuta ta daidai?

Abba_Waya: Wa alaikumus salam Hajiya. Yaron nan ya yi kuskure. Shekarata tara ina gyaran waya, kullum abin da shafuka ke nema shi ne alama da lamba da babban baƙi. Da kalmomi zalla sun fi, ai da su za a riƙa nema. Kuma ɓarayin nan suna da manhajar da ke gwada duk kalmomin ƙamus ɗaya bayan ɗaya, kalmar da ke cikin ƙamus nan take ake gano ta.

ummi_zinder: Ni ma abin da aka koya mana ke nan a wurin aiki, Malam Abba. Har yanzu duk wata uku sai an tilasta mana canzawa.

Injiniya_Sale: Wa alaikumus salam. Hajiya, ɗanki yana da gaskiya, amma da sharaɗi ɗaya wanda zan zo kansa. Malam Abba ma rabin maganarsa daidai ce: kalma ɗaya ta ƙamus ba ta tare komai. Shida a jere wani lissafi ne daban.

Ki tuna akwatin tafiya mai kwaɗon lamba, wanda ke da 'yan ƙafafu uku da ake juyawa. Daga 000 zuwa 999, haɗi dubu ɗaya ne, mai haƙuri zai zauna ya gwada su duka da yamma ɗaya. In aka ƙara ƙafa ta huɗu, aikin ya ninku sau goma, ya zama dubu goma. Kalmar sirri haka take. Kowane baƙi ƙafa ce. Hanya biyu ce ta ƙara wa ɓarawo wahala: ko a yawaita abin da ke jikin kowace ƙafa, ko a ƙara yawan ƙafafun.

Ƙananan baƙaƙen boko na kibod 26 ne. In aka haɗa da manya da lambobi da alamomi duka, sun kai 95. A kalma mai baƙi takwas, tashi daga 26 zuwa 95 yana ninka aikin kamar sau dubu 32. Ba laifi. Amma in kin bar ƙananan baƙaƙen yadda suke, kika ƙara huɗu kawai suka zama 12, aikin ya ninku sau 456,976. Wato baƙi 12 ƙanana zalla sun fi takwas ɗin da aka cika da alamomi, da kusan ninki 14. Alamomin kibod suna ƙarewa a 95, tsawo kuwa ba ya ƙarewa.

Maman_Husna: Na gane misalin akwatin, Injiniya. To tawa ai baƙi tara ce, kuma daga cikin 95 ɗin na ɗebo. Me ya rage mata?

Injiniya_Sale: Nan ne sharaɗin yake, Hajiya. Lissafin 95 yana aiki ne idan kowane baƙi ƙuri'a ce ta fito da shi. Taki ba ƙuri'a ba ce, tunani ne, kuma tunanin mutane kusan hanya ɗaya yake bi. Duba yadda aka gina `K@no1987!`: sunan gari, babban baƙi a farko, an mayar da `a` ta zama `@`, shekara a baya, alamar motsin rai a ƙarshe. Mai fasa kalmomin sirri ba ya farawa daga `aaaaaaaaa`. Da wannan salon yake farawa, don manhajojin da ake aikin da su, irin su Hashcat, suna zuwa da waɗannan dokokin a shirye.

Mu ƙirga masa aikin. A ce yana da jerin sunaye da kalmomi miliyan ɗaya, Kano na ciki. Kowace ya juya ta hanya goma, da babban baƙi, da `@`, da `0` a madadin `o`. Ya liƙa shekaru ɗari a baya, sannan alama ɗaya daga cikin 33. Miliyan ɗaya sau 10 sau 100 sau 33 ya ba da biliyan 33. Idan na'urarsa tana gwada biliyan 100 a sakan guda, wanda katin hoto mai ƙarfi na masu wasan kwamfuta yana iya yi a kan shafin da ya adana kalmomin da tsohuwar hanya irin MD5, bai cika rabin sakan ba ya wuce ta kan taki.

Dan_Sabon_Gari: Ni fa ban yarda da wannan biliyan 100 ɗin ba. Katin banki sau uku za ka yi kuskuren lamba a toshe shi. Imel ma in ka yi ta kuskure zai tsayar da kai. A ina ɓarawo zai samu damar gwada biliyan?

Hauwa_Lissafi: @Dan_Sabon_Gari tambayarka tana da kyau, ni ma a nan na daɗe ina rikicewa. Ba a bakin ƙofar shafin ake gwajin ba. Shafuka ba kalmarka suke ajiyewa ba, suna niƙa ta da wani lissafi su ajiye garin, wanda ake kira hash. In ka zo shiga, su niƙa abin da ka rubuta su gani ko garin ya yi daidai. To idan aka sace rumbun da garin ke ciki, ɓarawo zai tafi da shi gida, ya yi ta niƙa kalmomi a na'urarsa yana kwatantawa. Babu mai ce masa ya yi kuskure sau uku. Haka ya faru da LinkedIn a 2012, aka baza hash kusan miliyan shida da rabi, kuma aka fasa mafi yawansu. Lambar katin banki huɗu ta isa ne saboda toshewar nan da kuma sai da katin a hannu, ba don tana da ƙarfi ba.

Injiniya_Sale: Haka ne, Malama Hauwa. Kuma salon mutane da na ce sun sani, ba duba suka yi ba. A 2009 an sace kalmomin sirri sama da miliyan 32 daga wani kamfani mai suna RockYou, su ko niƙawar ma ba a yi musu ba. Wadda ta fi yawa a ciki ita ce `123456`. Har yau da wannan jerin ake fara gwaji.

Abba_Waya: To na ji. Amma har yanzu ba a amsa mini ba. In manhajar tana da ƙamus, ai za ta haɗa kalmomin bibbiyu, uku-uku har ta kai shida.

Injiniya_Sale: Za ta yi, Malam Abba, kuma lissafin an yi shi ne da sanin za ta yi. Hanyar da aka fi sani sunanta Diceware, wani Ba'amurke Arnold Reinhold ya fito da ita a 1995. Jeri ne na kalmomi 7,776, kowace da lambarta mai gida biyar. Kana jefa ɗan lido sau biyar, ka rubuta abin da ya fito, ka duba kalmar da ke kan lambar. 6 sau 6 har gida biyar shi ne 7,776. Ƙungiyar EFF mai kare haƙƙin masu amfani da intanet ta fitar da nata jerin a 2016, a ciki 11111 shi ne `abacus`, 66666 shi ne `zoom`.

Jerin a fili yake, kowa na iya saukewa, har ɓarawon. Abin da bai sani ba shi ne abin da ɗan lidon ya fitar. Yanzu kowace kalma ƙafa ce ta kwaɗo, amma mai gida 7,776 maimakon 10. Da wancan gudun na biliyan 100 a sakan, in zai gwada duka: kalmomi huɗu kamar awa 10 ne, biyar kamar shekara 9, shida kamar shekara dubu 70. Baƙi takwas da ƙuri'a ta zaɓa tsaf daga 95, irin wadda ba mai iya haddacewa da daɗi, awa 18 ne. Ka ga kalmomi huɗu ba su ma kai ta ba, amma ta biyar ta wuce ta nesa ba kusa ba. Shi Reinhold da kansa da farko biyar yake cewa, a 2014 ya mayar da ita shida saboda na'urori sun ƙara gudu.

Baba_Tanko: Alhamdulillahi, ashe ni na daɗe a kan hanya. Tawa karin magana ce ta Hausa mai kalmomi bakwai, na ƙirga baƙaƙenta sun haura 30. Wane Bature ne zai san karin maganarmu?

Hauwa_Lissafi: Baba, ka yi haƙuri, wannan ba ita ake nufi ba. Karin magana ko da kalma goma ce, a wurin mai gwaji abu ɗaya ce, don in an faɗi farkonta kowa zai ƙarasa. Duka-duka karin maganganun da aka tattara a littattafai nawa ne? Ko a ce dubu goma, ai gwaji dubu goma ne, ba 26 sau 26 har gida 30 ba. Haka baitin waƙa, haka kirari, haka addu'ar da kowa ya haddace. Kuma rubutun Hausa ya cika intanet yanzu, daga Wikipedia ta Hausa zuwa jaridu, duk ana iya kwasowa a zuba a jeri.

Baba_Tanko: 'Yata, na ji, amma ina ganin kina ba su girman da ba su kai ba. Wa zai zauna ya tattara Hausa don akwatin saƙon tsoho ɗan fansho?

Sadiq_227: Baba, ba Bature kaɗai ke sata ba ai. Wanda ya kwace mini shafin sada zumunta bara da Hausa ya riƙa rubuta wa abokaina yana roƙon kuɗi, Hausar ma ta gida.

Injiniya_Sale: Maganar Baba ba ta faɗi ƙasa gaba ɗaya ba. Gaskiya ne yawancin jerin da ke yawo Turanci ya fi yawa a ciki, don haka Hausa tana ɗan ba da sa'a. Matsalar ita ce sa'ar ba ta ƙirguwa, ba wanda zai ce maka ga yawanta, ko ranar da za ta ƙare. Ita ƙuri'a ana ƙirga ta, kuma lissafinta bai dogara da jahilcin ɓarawo ba.

Sadiq, naka kuwa yaya aka yi? Fasawa aka yi ko karɓa?

Sadiq_227: Saƙo aka turo mini wai za a rufe shafina in ban tabbatar ba, na danna na rubuta da hannuna.

Injiniya_Sale: To ka ga wannan ko kalma 20 ce ba ta hana. Tsawo maganin hasashe ne kawai. Wanda aka yaudara ya miƙa, ko wanda ke amfani da kalma ɗaya a shafuka biyar aka sace ta a ɗaya, tsawo bai taimake shi ba. Can sai tabbatarwa mataki biyu, wato bayan kalmar sirri a sake neman wata shaida kamar lamba daga wayarka, da kuma kowane shafi da tasa kalmar.

ummi_zinder: Ku dakata, ina so in koma kan abin da Malam Abba ya fara faɗa. In haka ne, me ya sa wurin aikinmu da shafuka da yawa suke nace wa alama da canji duk wata uku?

Hauwa_Lissafi: Tsohuwar doka ce da ta daɗe ba a sabunta ba, Yaya Ummi. Wani ma'aikacin NIST, hukumar ƙa'idojin fasaha ta Amurka, mai suna Bill Burr, ya rubuta shawarwarin a 2003, duniya ta kwafa. A 2017 ya shaida wa jaridar Wall Street Journal cewa yana nadamar yawancin abin da ya rubuta. A shekarar ne hukumar ta fitar da sabuwar ƙa'ida, ta ce a daina tilasta haɗa alama da lamba, a daina tilasta canji in ba a ga alamar an sace ba, kuma a bar mutane su rubuta har baƙi 64 ko fiye. Ke da kanki ki faɗa, in wata uku ta cika me kike canzawa?

ummi_zinder: Lambar ƙarshe kawai. Ina kan ta 14 yanzu. Duk ofishinmu haka muke yi.

Maman_Husna: To yanzu na fara gamsuwa. Sai dai abu biyu. Turancina ba mai nisa ba ne, in ɗan lidon ya fito mini da kalmar da ban san ta ba, haddarta za ta yi wuya. Na biyu kuma ba na son ɗan lido a gidana, mahaifinmu bai taɓa barin mu mun taɓa shi ba. Ba zan iya zama in zaɓo kalmomin Hausa shida daga kaina ba, in tabbatar ba su da alaƙa?

Injiniya_Sale: Daga kai dai a'a, Hajiya. In kin ce tukunya, zuciya za ta kawo murhu ko miya. In kin guje musu da gangan, za ki faɗa kan abin da ke gabanki a ɗaki ko sunan abin da kike so. Kalmomin da ke zuwa kai da sauri ba su da yawa, kuma kusan su ne ke zuwa wa kowa.

Amma ɗan lido ba dole ba ne, kuma Turanci ba dole ba ne. Abin da ake buƙata jeri ne mai yawa da kuma hanyar zaɓe wadda ba ruwanki a ciki. Ɗanki zai iya tattara miki kalmomin Hausa, kowace a layinta, babu maimaici, a fayil mai suna `kalmomi.txt`, ya bar kwamfuta ta jefa ƙuri'ar:

```
python3 -c "import secrets; k=open('kalmomi.txt').read().split(); print(*[secrets.choice(k) for _ in range(7)])"
```

Kin ga na sa 7 ba 6 ba. Da wuya jerin gida ya kai 7,776. In ya tsaya wajen 1,300, kalmomi shida da wancan gudun shekara ɗaya da rabi ne kawai, bakwai kuma kusan shekara dubu biyu. Ƙaramin jeri ana rama shi da ƙarin kalma.

Malam_Nuhu_Accra: Ni da takardu na yi nawa. Na yanka 'yan ƙanana na rubuta kalmomi, na zuba a ƙwarya, ƙaramar 'yata ta riƙa ɗaukowa ido a rufe.

Hauwa_Lissafi: Dabara mai kyau, Malam Nuhu. Takardu nawa ne a ƙwaryar?

Malam_Nuhu_Accra: Wajen ɗari.

Hauwa_Lissafi: To nan ne rauninta. 100 sau 100 har gida shida tiriliyan ɗaya ne, sakan goma ke nan ga wanda ya san kalmomin ɗarin. Na yarda ba lallai ya san su ba, amma tun da daga kanka suka fito, mun koma kan sa'ar da Injiniya ya ce ba ta ƙirguwa. Da ɗari sai ka ɗauko wajen 12 kafin ka kamo shida na babban jeri.

Malam_Nuhu_Accra: Ni dai ina ganin ta fi tsohuwata mai sunan 'yata da shekarar haihuwarta.

Injiniya_Sale: Wannan kam babu musu, Malam.

Abba_Waya: Bari in kawo abin da nake gani a shago, tun da an kayar da ni a lissafi. Duk wanda zai yi da Hausa ya guji ƙ da ɗ da ɓ. Wata mata ta zo mini da sabuwar waya, kalmarta tana da ƙ, kibod ɗin wayar a matakin farko na saiti ba shi da ita. Sai da muka tsallake shiga akawun, muka sauko da kibod na Hausa, sannan ta iya shiga. A cire kalmomi masu lanƙwasa daga jerin tun farko, ko a rubuta su da k da d da b a san haka aka yi. Sannan ba ko'ina ke karɓar doguwa ba. Wayifai yana ɗaukar baƙi 8 zuwa 63, wannan ba matsala. Amma na ga manhajar da ke tsayawa a 16, wata kuma ba ta yarda da fili tsakanin kalmomi.

Injiniya_Sale: Na gode Malam Abba, wannan ni ban kawo shi ba. Inda aka hana fili a sa `-` a tsakani. Inda aka ce dole lamba da babban baƙi, a ƙara musu ɗaya-ɗaya don ƙofa ta buɗe, ba don suna ƙara wani ƙarfi sosai ba. Inda aka taƙaita a 16 kuwa, kalmomi ba su da amfani a nan, gara baƙaƙe 16 na ƙuri'a daga manhajar ajiyar kalmomin sirri irin Bitwarden ko KeePass. Ni irin wannan jerin guda uku kawai na haddace: na manhajar ajiyar, na imel, na kwamfuta. Sauran duka ita ke riƙe da su.

Zee_Kaduna: Tambaya: in kalma ta fito ba ta yi mini ba, zan iya sake jefawa?

Injiniya_Sale: Ni ba na yi. Duk sake jefawa zaɓinki ne ke shigowa ta bayan gida.

Hauwa_Lissafi: A nan na saɓa da kai kaɗan, Injiniya. In mutum ya fitar da jeri huɗu ya zaɓi ɗaya, mafi munin abin da ya yi shi ne ya rage aikin ɓarawo zuwa kashi ɗaya cikin huɗu. Shekara dubu 70 ta koma dubu 17 da ɗoriya. In hakan zai sa ya haddace bai koma wa tsohuwar ba, ni na yarda. Abin da ban yarda da shi ba shi ne a yi ta jefawa har sai sun zama jimla mai ma'ana.

Injiniya_Sale: Lissafinki daidai ne. Tsorona shi ne wanda ya fara da huɗu ba ya tsayawa a huɗu.

Maman_Husna: Mun yi jiya da daddare. Ya tattara kalmomi 1,400 da 'yan kai, ba masu lanƙwasa kamar yadda Malam Abba ya ce, muka fitar da bakwai. Na rubuta a takarda na sa a cikin akwatin da nake ajiye takardun gida. Yau sau huɗu na shiga, biyu na ƙarshe ban duba takardar ba. A waya tana ɗan ɗaukar lokaci, amma ba na neman inda alama ta ɓuya.

Dan_Sabon_Gari: Takarda kuma, Hajiya? An gudu daga ɓarawon nesa an bar wa na gida. Ni ban ga amfanin doguwar kalma ba in tana kwance a akwati.

Baba_Tanko: Ni kuma takardar ce ta fi kwanta mini a duk abin da aka faɗa. A shekaruna mantuwa ta fi ɓarawo kusa. Malama Hauwa, in na bar karin maganar tawa yadda take, na ƙara mata kalmomi uku na ƙuri'a a baya, nawa lissafin zai ba da?